"Ki Fito da Miji Kafin Sallah": Nasiha ga Ƙanwata da Aka Sa wa Wa'adi

Ƙanwata, idan kin haura shekara talatin kina gidanku, ba sai na gaya miki yadda maganar take zuwa ba. Da farko tana zuwa ne cikin raha. A wajen biki wata gwaggo ta dafa kafaɗarki ta ce, "To, saura ke." A wajen suna a miƙo miki jariri a ce, "Allah ya nuna mana naki." Daga nan sai ta koma habaici: ruwan ido ne da ita, boko ya buɗe mata ido, ta fi ƙarfin maza, ta yi kwantai. Idan aka aurar da ƙanwarki ta biyu ko ta uku, sai magana ta bar bakin mata ta koma zaure. A tara ki gaban manya a ce an ba ki wata uku, ko zuwa Babbar Sallah, ki fito da miji, in ba haka ba za a zaɓa miki.

A kan wannan mataki na ƙarshe nake so mu tsaya, domin a nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa da wuri. Habaici yana da ciwo, amma yana wucewa. Auren da aka ɗaura don a rufe bakin mutane kuwa, ke kaɗai za ki zauna a cikinsa bayan 'yan biki sun watse. Abin da nake so ki riƙe shi ne: son aure daban, tsoron surutu daban. Mace tana iya son aure da dukkan zuciyarta, tana roƙon Allah dare da rana, amma ta ƙi yarda tsoro ya zaɓa mata miji. Mutuncinki a wannan lokaci yana rataye ne a kan iya raba waɗannan biyun.

Fara da fahimtar inda matsin yake fitowa, don kada ki ɗauki kowa maƙiyi. Mahaifiyarki wataƙila an kai ta ɗaki tana da shekara sha biyar ko sha shida. A shekarun da kike yanzu, ita ta riga ta fara tara kayan ɗakin 'yarta ta fari. Babban binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna rabin matan ƙasar suna yin auren fari ne kafin su wuce kimanin shekara 19, kuma a Arewa maso Yamma abin ya fi haka wuri. Da wannan ma'auni take auna ki. Ke kuwa hanyarki daban ce. Kin gama sakandare wajen sha takwas, kin jira gurbin jami'a, kin shiga karatun shekara huɗu ko biyar, yajin aikin malamai ya ci wata tara a 2020 ya sake cin wata takwas a 2022 ga waɗanda ya rutsa da su, sannan ga shekarar bautar ƙasa, ga neman aiki. Su ma samarin da suka dace da ke suna cikin nasu lissafin: kuɗin haya, lefe, da tsadar da ta ƙaru tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wasu gidajen kuma su da kansu suka kori masu neman, wannan an ce ba ɗan asali ba ne, wancan ba yarenmu ba ne, sai da shekaru suka tafi aka juyo ana tuhumar yarinya. Duk wannan ba laifi ba ne da kika aikata. Tarihi ne mai dalilai, kuma ya kamata ki iya faɗinsa a natse, ba cikin kuka ba.

Su masu maganar ma ba ɗaya ba ne. Akwai wadda tsoro ne ke sa ta magana, kuma yawanci uwa ce. Tana tunanin ranar da ba ta, tana tunanin wa zai riƙe ki, kuma ita ma kishiyoyi da maƙwabta suna yi mata nata habaicin, wanda ba ta kawo miki. Akwai wanda kunyar idon jama'a ce ke damunsa, kamar uba ko baffa da ake tambaya a masallaci da majalisa. Akwai kuma wadda magana ce kawai abincinta. Da kin yi aure gobe, jibi za ta tambayi ciki, in kin haihu ta tambayi namiji. Ta farko tana bukatar ki kwantar mata da hankali. Na biyu yana bukatar abin da zai faɗa wa mutane. Ta uku ba ta bukatar komai daga gare ki sai gajeriyar amsa. Kuskuren da 'yan mata da yawa suke yi shi ne su ƙarar da ƙarfinsu wajen mayar wa ta uku martani, su zo gaban uwa a gajiye, su sauke mata fushin da ba nata ba.

Ga ta uku, amsa ɗaya ta isa, kuma ki riƙa maimaita ta ba canji: "Gwaggo, a ci gaba da sa mu a addu'a." In ta matsa, ki ƙara da, "In kin ga na kirki, ki yi wa Baba magana." Kada ki yi bayani, kada ki kawo hujja, kada ki ba da labarin wanda ya zo ya tafi. Duk bayanin da kika ba mai tsegumi, guzuri kika ba ta na gidan gaba. Murmushi da gaisuwa cikakkiya ba su rage miki komai, kuma suna hana a ce ba ki da kunya.

Sai kuma abin da addini ya ba ki, domin da sunansa ake yawan matsa miki, kuma da shi ne za ki fi samun kariya. Aure sunna ce mai girma, babu mai musu. Amma babu wata shekara da shari'a ta yanke cewa wadda ta wuce ta ba aure ta yi zunubi. Kuma yardar mace ba ado ba ce. Labarin Khansa'u 'yar Khidam yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari: mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. An kuma ruwaito wata budurwa da ta kai irin wannan ƙara, ya ba ta zaɓi.

Ba zan ɓoye miki ba, littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar, sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ko da bai nemi izininta ba. Wani zai kawo miki wannan, don haka ki san iyakarsa. Ikon na uba ne, ko wasiyyin da uban ya ɗora wa wannan nauyi. Yaya ba shi da shi, baffa ba shi da shi, balle kawu ko gwaggo. Su sai da yardarki. Ko uban ma, an ba shi ne don maslahar 'yarsa, ba don ya cutar da ita ba, kuma malamai sun ce ikon yana faɗuwa idan uba ya riga ya shaida cewa 'yarsa ta mallaki hankalin kanta ya sakar mata al'amuranta. A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya ta yanke hukunci a wata shari'a cewa uban da ya riga ya ba 'yarsa damar zaɓi ya sarayar da ikon tilasta mata. Akwai kuma ɗaya gefen: idan wanda ya dace ya fito, kina so, waliyyi ya ƙi ba da dalilin shari'a ba, alƙali yana iya umartarsa, in ya ƙi a ɗaura ba da shi ba. Sannan a mazhabar nan tamu, ciyar da 'ya mace da ba ta da abin kanta yana wuyan uba mai hali har ranar da mijinta ya tare da ita. Zamanki a gidan mahaifinki ba alfarma ake yi miki ba.

Ban faɗa miki waɗannan don ki je ki karanta wa mahaifinki fiƙihu ba, kuma ban ce ki nufi kotu ba. Na faɗa ne don zuciyarki ta daina ganin kanta mai laifi. Mace da ta san tana kan gaskiya tana iya yin magana a hankali. Wadda take jin ita mai laifi ce, ko dai ta miƙa wuya ga duk abin da aka kawo, ko ta fashe da rashin kunya, kuma duka biyun asara ce.

Bari in gina miki misali daga irin abin da ke faruwa a gidajenmu. A ce ga wata malamar sakandare, shekararta 33, ita ce babba a ɗakinsu. An aurar da ƙanwarta mai shekara 22 bayan Ƙaramar Sallah. Sati bai cika ba baffansu ya tara ta gaban mahaifinta, ya ce zuwa Babbar Sallah ta fito da miji, in ba haka ba akwai wani abokin kasuwancinsa mai mata biyu da ya yi magana. Tsakanin sallolin biyu wata biyu ne da kwana goma. A wannan ɗan lokaci ake so ta yanke abin da zai ɗauki sauran rayuwarta.

Abu na farko da ta yi daidai shi ne ba ta ba da amsa a zauren ba. Ta ce, "Na ji, Baffa. Allah ya ƙara girma. A ba ni kwana biyu in yi istihara." Babu babban da zai hana 'ya istihara. Da ta yi gardama a nan, da magana ta tashi daga batun aure ta koma batun tarbiyya, kuma mahaifinta, ko da yana tausayinta, dole ya goyi bayan yayansa a gaban jama'a. Da kuma ta ce "to" don a tashi, da an riƙe ta da kalmarta. Ki lura da wannan musamman: shirun budurwa ana ɗaukarsa yarda. Idan ba ki yarda ba, dole wani ya ji hakan daga bakinki a fili.

Abu na biyu, ta samu mahaifiyarta da dare, su biyu kawai. Ba ta je da ƙorafi ba. Ta ce, "Umma, wallahi ni ma ina son auren nan, ba ƙi nake yi ba. Abin da nake tsoro shi ne in tafi bana in dawo baɗi da ɗa a baya." Wannan magana tana kai wa zuciyar uwa, domin ta san gidajen da hakan ya faru, ta kuma san cewa surutun da ake yi wa wadda ta dawo ya fi wanda ake yi wa wadda ba ta tafi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka 'yarsu ba ta damu ba ne, saboda kunya ta hana ta nuna damuwar. Jin cewa burinsu ɗaya yana sauke rabin faɗan.

Abu na uku, ta nemi ɗan aike. A al'adarmu 'ya ba ta zama ta yi ciniki da mahaifinta a kan aurenta, amma akwai waɗanda yake jin nauyinsu: amininsa, limamin unguwa, kakarta in tana raye, ko kawun da ake ganin girmansa. Ita kawunta ta zaɓa, ta ba shi saƙo mai gaɓa uku. A janye wa'adin. A madadinsa ta yi alkawarin duk wanda manya suka gabatar za ta saurare shi da mutunci, ba za ta ƙi fitowa ba. Sannan babu sa rana sai an yi bincike an yi gwajin asibiti. Dubi yadda saƙon yake: bai ce a'a ga aure ba, bai kunyata baffa ba, ya kuma ba mahaifinta abin faɗa a majalisa, wato "ana kan magana." Kawun ya ƙara da tunatarwa mai kyau, cewa nemar wa 'ya miji aikin waliyyi ne ma, ba nata ita kaɗai ba. Sayyidina Umar da kansa ya je wurin Usman da Abubakar yana yi wa 'yarsa Hafsa tayin miji bayan rasuwar mijinta, bai zauna yana yi mata gori ba. Wanda ya damu da zamanki, ga hanyar taimako a buɗe.

Sai aka zo kan masu neman. Abokin baffa ya zo sau biyu. Ba ta raina shi don shekarunsa ko don yana da mata ba, kuma ke ma kada ki yi hakan. Akwai matan da suka shiga ta biyu ko ta uku suka sami kwanciyar hankalin da wasu uwayen gida ba su samu ba. Ta tambaye shi abubuwan da suka shafi zama: ina zai ajiye ta, gida ɗaya da sauran ko daban, kuma mene ne ra'ayinsa game da aikinta. Ya ce matarsa ba ta fita aiki. Bai yi laifi ba da ya faɗi gaskiya tun da wuri. Amma ita albashinta ne ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta biyu da maganin hawan jinin mahaifiyarta. Ta mayar wa kawu da wannan dalili, dalilin da mahaifinta ya fi kowa sanin nauyinsa. Aka ba mutumin haƙuri ta hannun manya, ba wanda ya ji kunya.

Na biyun shi ne ya fi haɗari, domin ya fi daɗin baki. Saurayi ne kusan sa'anta, ya ji labarin wa'adin ta wajen wata 'yar uwa, ya zo da zancen "ni a shirye nake, ko gobe a ɗaura." Cikin sati uku ya nemi rancen kuɗi, wai kayansa sun maƙale a hanya, zai biya kafin lefe. Da aka ce ya turo manyansa, ya ce mahaifinsa ba shi da lafiya, a bari tukuna. Da aka ambaci gwaji, ya ce ai wannan rashin yarda ne. Ƙanwata, waɗannan alamu uku ki haddace su: mai gaggawar ɗaurin aure amma mai nawar turo iyaye, mai taɓa kuɗinki kafin ya biya sadakinki, da mai jin haushin bincike. Akwai ta huɗu, wadda ta fi su muni: mai tuna miki shekarunki, ko da cikin wasa, don ki ji cewa taimakonki zai yi. Wanda ya shigo da gori kafin aure ba zai ajiye shi a ƙofar ɗaki ba. Wani ɗan uwanta ya je unguwar da saurayin ya ce yana zaune, ya tambayi masu shago da mutanen masallaci, ya je inda ya ce yana sana'a. Kwana biyu suka isa a gane cewa ba ita ce ta farko da ya ci wa bashi da sunan aure ba.

Babbar Sallah ta zo ta wuce ba a ɗaura komai ba. Gwaggo ba ta daina magana ba. Amma malamar nan tana da aikinta, tana da kuɗinta, tana shiri da iyayenta, kuma yanzu manyan gidan suna nema tare da ita maimakon su tsaya a kanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Game da gwaji, kada ki bari kowa ya mayar da shi abin kunya. A Jihar Kano ma doka ce tun 2024: kafin a ɗaura aure sai an gwada ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jinin da ke nuna sikila. Idan ke AS ce shi ma AS ne, kowane ciki da za ki ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai samu ba. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ana iya jera biyu ko uku. Matan da aka matsa wa su ne suka fi rufe ido a kan wannan, suna cewa in na bar wannan wa zai zo. Ki san naki rukunin tun yau, kafin zuciya ta kamu da wani, ki kuma tambayi nasa tun ana farkon magana.

Akwai kuma sandar da aka fi dukan mace da ita: "Haihuwa fa tana da lokaci." A nan ma gaskiya ta fi tsoro amfani. Haka ne, damar ɗaukar ciki tana raguwa da shekaru, a hankali a farkon talatin, ta fi sauri bayan 35, ta ragu sosai bayan 40. Amma ba ƙofa ba ce da ake rufewa ranar da kika cika talatin. Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin 45 da 55, kuma a kowace unguwa akwai matan da suka yi auta suna dab da arba'in ko sun haura. Abin da ke hannunki shi ne kula da lafiyarki yanzu. Idan jinin al'ada ya yi yawa fiye da da, ko yana zuwa da ciwo mai kayar da ke, ko yana tsallake watanni, ko kina jin ƙullutu a mara, ki ga likitar mata. Budurwa ma tana da haƙƙin zuwa, ba sai matar aure ba. Bayan aure kuma, likitoci suna ba wadda ta haura 35 shawarar ta je a duba su, ita da mijin, idan wata shida ya wuce ba ciki, kada ta jira shekara. Wannan sani zai sa ki ɗauki lokaci da muhimmanci ba tare da kin jefa kanki hannun wanda bai dace ba.

Za a kuma zo miki da wani bayanin: an yi miki asiri, ko aljani ya aure ki, shi ke korar maza. Daga nan sai a fara yawo da ke, yau hayaƙi, gobe wanka, jibi a ce a kawo kuɗin rago. Addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani naki ne, kina iya yi da kanki a ɗakinki, iyayenki su taya ki. Amma duk wanda ya ce sai ya keɓe da ke, ko ya nemi gashinki ko tufafinki, ko ya ambaci sunan wata 'yar uwa ya ce ita ta yi miki, ko kuɗinsa kullum ƙaruwa yake, ki tashi ki bar wurin. Ban da asarar dukiya da haɗarin imani, irin wannan yawo yana dasa miki tunanin cewa ke abar gyara ce, akwai wani mugun abu a jikinki. Wannan tunani shi ne yake cin mutuncin mace daga ciki.

Kina iya gane ko ya fara cin naki. Kin daina zuwa bikin ƙawaye da kike so don gudun tambaya. Kin fara rage shekarunki ko a inda babu dalili. Kina jin nauyin cin abinci a gidanku. Kin fasa ƙarin karatu ko sayen fili don an ce maza za su ji tsoronki. Kina amsa wayar mutumin da kin san ba ya girmama ki, don kawai a ga ana zuwa wurinki. Idan kin ga biyu ko uku daga cikin waɗannan, ki tsaya ki gyara. Ki je bikin, ki yi ankon in kina da hali, ki zauna kusa da waɗanda ke sa ki dariya, ki tafi lokacin da kika ga dama. Ki ci gaba da adashinki, ki ajiye wani abu da sunanki, ki yi karatun. Namijin da filinki zai kora, zamanku da ma ba zai yi daɗi ba. Ki riƙe mutum ɗaya ko biyu da za ki iya gaya wa gaskiyar ranki, ciki har da ranar da kewa ta dame ki, domin nuna kamar ba ki damu ba ma wani nauyi ne. Idan kuma baƙin ciki ya wuce sati biyu bai ɗaga ba, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranki, ko kika fara jin gara mutuwa, wannan ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Manyan asibitocinmu suna da likitocinsa. Ki je, ki tafi da wanda kika yarda da shi, kada ki jira.

Kada kuma kare kai ya zama rufe ƙofa. Zauna ki rubuta abin da ba za ki iya sassautawa ba, kuma kada ya yi yawa: addini da hali, sana'ar da za ta riƙe gida, lafiya, da girmama ki. Sauran, irin su tsayi da fari, mota, gari, ko ya taɓa aure, ko digirinsa bai kai naki ba, duk abin tattaunawa ne. Idan an ce kina da ruwan ido, ki duba takardar nan. In dalilinki na ƙin mutum yana cikinta, ki kwana lafiya. In ba ya ciki, ki sake tunani. Kuma in kin ga mutumin kirki, babu aibi ki sa wani babba ya yi masa magana. Nana Khadija ta hannun 'yar aike ta nuna sha'awarta ga mafificin halitta.

Ku kuma ƙannena maza da mata da kuka riga ta aure, ko kuke gida tare da ita, ku kiyaye harshenku. Kada ku mayar da shekarun yayarku abin wasa a gaban baƙi, kada ku kai sirrinta gidan miji ko majalisa. Idan gwaggo ta fara, ku canza zancen. Idan kun san mutumin kirki, ku gaya wa manya. Ke kuma da nake wa wannan nasiha, ranar da aka tara ki aka sa miki wa'adi, ki gaishe da manya da ladabi, ki nemi lokaci, ki nemi ɗan aike, kuma kada ki ce "na yarda" sai kin yarda. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sa ki same shi da mutuncinki a cike.